Sabulun da na yi ya ƙone fatar 'yar mutane

Da yawa cikin masu sayen sabulunmu in sun ga takardar da muke naɗe shi da ita da 'yar lambar da muke bugawa a gefe sai su ɗauka dama can haka muka taso da tsari, har akwai wadda ta taɓa ce min ai ke Hajiya da ganinki kin karanci harkar a makaranta. Dariya kawai na yi, don iyakata sakandare, sakandaren ma kimiyya ba ta taɓa shiga kaina ba. Lambar nan da kuke gani tana da dalili, kuma dalilin ba mai daɗin faɗa ba ne, na daɗe ina kauce wa maganar amma gara ku ji daga bakina.

A wani ƙauye na taso a hannun kakata ta wajen uwa, kuma ita ce mutum ta farko da na ga tana sabulu. Tokar karan dawa take tarawa ta zuba a tsohuwar tukunya mai huji, ta dinga zuba ruwa yana tsiyaya, sannan ta ɗora ruwan tokar a wuta ta haɗa da man kaɗe tai ta juyawa har ya kama jikinsa, baƙi ƙirin mai laushi. Abin da ban manta ba shi ne in ta kusa saukewa sai ta ɗan lakato ta bari ya huce ta ɗora a kan harshe, wani lokacin ta yatsine fuska tace da saura, ta ƙara mai. Ni a lokacin ɗauka nake tsufa ne kawai, wa ke ɗanɗana sabulu sai kace miya. Sai da na shekara talatin da wani abu, na jawo wa kaina abin kunya, sannan na gane abin da tsohuwar nan take aunawa da harshenta. Allah ya jiƙanta.

Aure ya kawo ni Kano. Maigidana ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, ba mu da yawa amma ban taɓa tunanin kuɗin cefane ba, to a 2019 ya kwanta ciwo na 'yan watanni, abin da ke shago ya tafi a magani, Allah ya karɓi abinsa ya bar ni da yara huɗu da gidan haya. Wata huɗu da kwana goma na takaba mutane na shigowa da kwano da ɗan abin hannu, ana fita takaba ƙafa ta ɗauke, kuma ban ga laifin kowa ba, kowa da nasa nauyin. Daren da na kasa barci shi ne daren da babbar 'yata tace Umma an ce mu zo da kuɗin jarabawa, na ce mata to, alhali ko na koko ban ajiye ba.

Farkon 2020 wata maƙwabciyata ta ja ni wajen koyon sana'a na kwana 3 da aka shirya wa mata a unguwarmu. An koya mana man shafawa da sabulun ruwa da sabulun wanki na sanda, ni dai na sandan ne ya shiga raina. Yadda aka koya mana shi ne ki jiƙa soda, wato kostik, a ruwa ta kwana, washegari ki tsoma haidiromita, wani ɗan gilashi ne mai lambobi da yake yawo a saman ruwan, ki daidaita har ya tsaya a 1275, sannan ki auna ruwan soda gwangwani 1 man alayyadi gwangwani 2, ki haɗa ki juya ta gefe ɗaya, ki zuba a mazubi. Man alayyadi shi ne man ƙwarar manja, wanda 'yan kasuwa ke kira PKO. Aka ja mana kunne kan abu biyu, soda ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin soda ba don tana iya tafasowa ta fallatsar miki a fuska, kuma kar ta kusanci tukunyar dalma don cinye ta take. Shikenan karatun. Ba wanda yace mana me ya sa 1 da 2, mu ma ba wadda ta tambaya, mun samu lissafi mai sauƙi mun rungume.

Da kwasar adashe na fara, N30,000, na sayi jarkar mai da soda da bokitan roba biyu, kafinta ya buga min akwatin katako, muciyar tuwo na ware guda. Ban daɗe da farawa ba aka kulle gari saboda korona a watan Afrilu, kasuwa ba shiga, ga ko'ina ana ta cewa a wanke hannu, sai ya zama matan layinmu ni suke aiko wa yara. Wallahi sabulun ya yi kyau, ga tauri ga kumfa, ko da ruwan rijiya ne yana yi. Kafin shekara ta zagayo ina haɗa lita 20 ta mai a zubi ɗaya, ina kai wa masu kanti uku a unguwa, na biya haya da kaina a karon farko, ranar na shiga ɗaki na yi kuka sosai. Kuma a nan girman kai ya fara shigata, na fara jin ai ni na gama sanin sabulu, in wata ta tambaye ni sai in ce ai abin a hannu yake.

Wajen ƙarshen 2021 abu biyu suka haɗu. Alayyadi ya yi tsada, duk zuwan da zan yi Sabon Gari sai na tarar an ƙara, ribar sabulun wanki kuma dama 'yar kaɗan ce. Sai ga goggona da ke aure a ƙasar Neja ta zo da man kaɗe na ƙauye mai kyau, tace in ina so za ta dinga aiko min kai tsaye daga wajen matan da ke yi, da sauƙi. Nan take lissafi ya zo min, in na raba man biyu, rabi alayyadi rabi kaɗe, na sa turare na yanka ƙanana, ai ya tashi daga sabulun wanki ya koma sabulun wanka na man kaɗe, kuɗinsa ya kusa ninkawa. A raina mai ai mai ne, kuma man kaɗe da ake shafa wa jarirai me zai yi wa mutum.

Na haɗa kamar kullum, lita 10 ta ruwan soda, lita 20 ta mai, illa dai yanzu rabinsa kaɗe ne. Lokacin hunturu ne, man yana ta son daskarewa tun kafin in gama aunawa, ina zuba soda ko minti biyar ban yi ina juyawa ba ya yi kauri, na ji daɗi nace kai wannan haɗin akwai sauri, na juye a akwati. Ashe ba haɗuwa ya yi ba, sanyi ne ya daskarar da man tun bai gama cuɗanya da sodar ba. Washegari da na zo yankawa alamu sun nuna kansu ƙarara, ni ce dai ban so gani ba. Gefensa yana marmashewa kamar alkaki, a ciki akwai ɗigo-ɗigon fari, wasu wuraren har da 'yan ramuka masu ɗan ruwa, kuma yatsuna suka yi santsi suna zafi da na taɓa. Nace ai sabo ne zai huce. Ya fito wajen guda 200. Ga wata mai kanti tana ta kirana tana son kaya saboda bikin da za a yi a danginsu za a saka a kayan rabo, ga kuɗin makarantar yara na Janairu ya matso, kwanansa 5 kacal na naɗe na fitar.

Kwana uku da fitar kayan, da hantsi, aka yi sallama. Wata mata ce daga bayan layinmu, muna gaisawa a islamiyya, ta shigo riƙe da hannun 'yarta da ba ta wuce shekara biyar ba. Ba ta zauna ba. Ta ɗaga rigar yarinyar tace, "Maman yara, dubi nan." Wuyanta da hammata da bayan gwiwa duk sun yi jawur, wani wajen fatar ta saɓule tana ƙyalli, yarinyar sai noƙewa take kar rigar ta taɓa. Tace tun jiya da ta yi mata wanka take ihu, ta ɗauka rigimar sanyi ce har ta ɗan make ta, sai da ita ma ta wanke fuska da shi ta ji kamar an watsa mata barkono.

Abin da na ce mata shi ne abin da ya fi damuna har yau, ya fi asarar kuɗin ciwo. Nace, "Anya Maman Nana ba sanyi ba ne? Kin san hunturu yana busar da fatar yara, ko dai jikinta ne ba ya son man kaɗe, don mutane da yawa sun saya ba wanda ya yi ƙorafi." Ina faɗa yatsuna na cikin zani suna min zafi. Ta kalle ni kawai, ta sauke rigar 'yarta tace Allah ya kyauta, ta juya. Ko rakiya ban iya yi mata ba.

Kwana 9 na yi ban ce wa kowa komai ba. Ina sallah ina ganin wuyan yarinyar nan, in wayata ta yi ƙara gabana ya faɗi, kuma duk da haka ina ta lallashin kaina cewa wataƙila guda ɗaya ne aka samu matsala. Tsorona a fili yake, in na ce sabuluna ne, kantuna uku za su daina karɓa, unguwa za ta ɗauka, kuma kuɗin da na karɓa na riga na kai makaranta. A kwana na tara Inna ta zo daga ƙauye duba mu, ta ɗauki guda a bayan gida za ta wanke hannu, ta fito tana yarfe hannu tace, "Ke wannan wane irin abu ne kika ajiye wa yara?" Sai na fashe da kuka na faɗa mata duka har da zuwan matar. Inna ba mai yawan magana ba ce, tace, "To kin ci haƙƙin yarinya, kin kuma ƙara da ƙaryata uwarta. Ɗauko mayafinki." Da ita muka je gidan, ita ta fara ba da haƙuri kafin ni, tsohuwa da furfurarta tana durƙusawa saboda abin da ni na yi. Matar tace ta kai yarinyar asibiti an ba su man shafawa, ta fara warkewa. Na biya abin da suka kashe, mijinta da farko yace a bar shi, Inna ta matsa. Ta ce ta yafe, amma fuskarta ba ta sake ba, kuma ban ga laifinta ba.

Daga nan na bi kantunan ɗaya bayan ɗaya nace su dawo min da duk abin da ya rage, wanda ya saya kuma in sun san shi a faɗa masa ya daina amfani da shi. Mai kayan bikin ta wanke ni tas a gaban mutane, tace na zubar mata da mutunci a dangi, na tsaya na shanye. Cikin 200 abin da ya dawo hannuna 130 da 'yan kai ne, sauran sun shiga gidajen da ban sani ba, kuma har gobe ban san ko akwai wani yaron da ya sha irin wahalar nan uwarsa ba ta san daga ina ba ne. Kuɗin da na mayar sai da na sayar da 'yan kunnena na aure da keken ɗinkin da nake taɓawa.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, abokin marigayi ne, ya koyar da kimiyya a sakandare shekaru da yawa kafin ya yi ritaya. Inna ce tace in kai masa ya duba. Na same shi a zaure na ajiye masa guda biyu, ya fasa ɗaya ya duba cikin, ya tambaye ni me da me na zuba, nawa nawa. Da na gama yace, "'Yata, wa ya ce miki duk mai cikinsu ɗaya?" Ya sa jikansa ya ɗauko takarda da biro, kuma abin da ya rubuta min ranar shi ne karatun da ya kamata a ce na yi tun farko, ga shi yadda na fahimce shi.

Sabulu ba cakuɗa ba ne irin na kunu da sukari, soda cin man take, su biyun su rikiɗe su zama wani abu daban. Kuma kowane mai akwai iya sodar da yake iya ɗauka. Kilo 1 na alayyadi yana cin soda busasshiya wajen giram 176, kilo 1 na manja wajen 142, man kaɗe kuwa wajen 128 ne kawai. In kin zuba fiye da abin da man zai ci, ragowar ba inda za ta je, tana nan zaune a cikin sabulun da ƙarfinta tana jiran fatar mutum. Sai ya dawo kan 1 da 2 ɗin da aka koya mana. Yace ruwan soda da ya kai 1275, kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa soda ce, wato lita 1 tana ɗauke da wajen giram 320. Lita 2 ta alayyadi kuma ba kilo 2 ba ce don mai bai kai ruwa nauyi ba, wajen kilo 1.8 ce, abin da take ci kuwa wajen giram 320 ne. Yace kin gani, wanda ya tsara lissafin nan ba wawa ba ne, amma wa alayyadi kaɗai ya ɗinka rigar, ke kika ɗauka kika saka wa wani.

Sannan ya lissafa min nawa zubin. Lita 10 ta ruwan soda, soda kilo 3.2 kenan. Maina wajen kilo 18, tara alayyadi tara kaɗe. Alayyadin zai ci giram 1,584, kaɗen zai ci 1,152, an haɗa 2,736. Ya ja layi a ƙasa yace saura nawa? Na kasa magana. Kusan rabin kilo na soda tsagwaronta na raba wa mutane su yi wanka da ita, ga shi sanyi ya hana ta gaurayuwa sai ta taru wuri-wuri, shi ne fararen ɗigon nan da ramukan ruwa, ga shi ban bar shi ya sha iska ba. Yace kuma kar ki yaudari kanki da cewa da kin bar shi wata guda zai gyaru, ajiya tana busar da ruwa ta sa sabulu ya yi tauri da laushi a fata, amma ba ta cinye rabin kilon soda.

Na ba shi labarin kakata da ɗanɗanonta, ya yi dariya yace ai ita ta fi ki ilimin abin. Sabulun da ya nuna in kin taɓa shi da harshe ɗacin sabulu kawai za ki ji, wanda soda ta yi wa yawa kuwa tsartar miki zai yi kamar kin lasa batir. Amma ya hana ni gwadawa a kan wanda alamunsa suka riga suka fito irin nawa, yace wannan ido ma ya isa, kuma ya sa na sayi takardar gwaji ta pH, wadda ke nuna ƙarfin sodar da ke cikin sabulu da lamba, sabulu mai kyau yana tsayawa wajen 9 zuwa 10, in ya haura sosai akwai magana. Ya kuma rarrabe min abu biyu da nake haɗawa, farar ƙurar da ke fitowa a saman sabulu kamar an barbaɗa gari wadda ana gogewa take tafiya ba ta da illa, iska ce ta taɓa saman, amma fari a cikin tsakiya mai ƙyalli ko rami mai ruwa, wannan soda ce.

Guda 130 ɗin nan ban zubar ba. Shi ya lissafa min man da zai cinye ragowar sodar da ke cikinsu, wajen kilo 2 na alayyadi har da ɗan ƙari don a tabbatar. Na sa safar hannu na gurza su duka a magogin kuɓewa, kwana biyu ina yi ina tari, na zuba a tukunyar silba wadda ba ta dalma ba da ɗan ruwa a wuta kaɗan-kaɗan har ya narke, na zuba man na yi ta tuƙawa kamar tuwo. Ya fito mummuna, launinsa kamar ƙasa, amma takarda ta nuna ya sauko. Ban sayar ba, da shi muka yi wanki a gidan nan kusan shekara, duk ranar wanki sai na tuna.

Wata uku ban yi sabulun sayarwa ba. Abu na farko da na saya da kuɗin da ƙanina ya ranta min shi ne sikeli mai lamba wanda yake auna giram, na ajiye gwangwani gaba ɗaya. Na koma yin kilo ɗaya-ɗaya ina rubutawa a littafi, wannan ya yi laushi, wannan ba kumfa, wannan ya yi wari bayan wata biyu don man ya yi yawa. A nan na gane man kaɗe shi kaɗai kusan ba ya kumfa, alayyadi shi kaɗai kuma kumfa kamar me amma yana busar da fata, dole sai an haɗa su kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Wanda muka tsaya a kai na wanka, a kowane kilo 10 na mai, alayyadi 4 ne, manja da aka sauke wa launi 4, kaɗe 2. In an lissafa sodarsu tana kamawa giram 1,528, sai mu rage kashi 5 cikin ɗari da gangan mu zuba wajen 1,450, don gara ɗan mai ya yi saura a sabulu da soda ta yi saura. Ban ɓoye lissafin ba don ba shi ne sirrin ba, kuma duk wadda za ta gwada ta sani man wani wajen yana ɗan bambanta, ta fara da kaɗan ta gwada.

Da hunturu yanzu sai mun ɗumama man ya narke sarai ya yi ɗumi kafin soda ta shiga, kuma in ya yi kauri da wuri ba ma yarda da shi, ci gaba muke da juyawa. Da damina matsalar daban ce, soda tana shan danshin iska, in aka bar buhu a buɗe sai ta dunƙule ta yi nauyin ruwa, ki auna kilo alhali ba kilo ba ce, don haka a bokiti mai murfi take zama. Kowane zubi sai ya yi sati 4 a kan kanta yana shan iska kafin ya fita, ko wa ke jira. Na rasa ciniki saboda wannan ba sau ɗaya ba, akwai wadda ta zo da kuɗi a hannu ana saura sati biyu Sallah nace bai nuna ba, ta tafi wajen wata, kuma ranar ina buƙatar kuɗin. Lambar da ke gefen takarda kuwa lambar zubi ce, tana cikin littafi da ranar da aka haɗa da inda aka sayo man da wadda ta auna da kantin da aka kai, don in wani abu ya sake faruwa kar in ƙara tsayawa ina tunanin ina sauran 70 suka shiga.

Komawa kasuwa ya fi koyon wuya. Cikin kantuna ukun nan ɗaya ne ya sake karɓa, shi ma sai da na ce ya ajiye in an saya ya biya. A unguwa an daɗe ana ce min mai sabulun ƙuna, yarana ma an faɗa musu a makarantar allo. Abin da na yi shi ne duk wadda na ba wa sai na faɗa mata abin da ya faru da bakina kafin ta ji a waje, in ce ki fara gwadawa a hannu. Ana cikin haka aka shiga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, mata na son saye ba tsaba, da yawansu ba su da asusun banki, muka koma bashi da rubutu. Daga ƙarshen Mayu kuma aka cire tallafin fetur, kuɗin mota ya tashi, alayyadi daga kudu yake zuwa, soda ma yawanci daga waje, komai ya hau. Wani mai sayar min da kaya ya ba ni shawara in dinga ƙara farar ƙasa da soda ash, wani farin gari ne daban da kostik, da yawa don sabulun ya yi nauyi, yace kowa haka yake yi. Ba zan ce raina bai raya min ba, na kwana ina juya maganar. A ƙarshe rage girman sabulun na yi na rubuta sabon nauyin a jiki, wasu suka yi mita, wasu suka tafi.

Yau mu bakwai ne, ni da mata biyar, uku cikinsu mazajensu sun rasu kamar ni, da wani yaro mai kai kaya. Mun bar tsakar gida mun kama ɗakuna biyu, mun yi rajistar suna a CAC, sabulun wankanmu ya samu lambar NAFDAC, kuma gaskiya ita ce shekarun farko duk ba tare da ita na yi ta sayarwa ba, ban ma san ana nema ba sai daga baya. Ba mu yi arziki ba, akwai watan da in na biya ma'aikata abin da ke saura bai taka kara ya karya ba, bashin ƙanina ma sai bara na gama biya. Sabulunmu ba ya maganin ƙuraje ko kyasfi, ba ya sa fari, in kina da ciwon fata asibiti za ki je, wanka kawai yake yi ba tare da ya cuce ki ba. Duk sabuwar da ta zo aiki, ranar farko ba ta taɓa mai, safar hannu da tabarau nake ba ta, in nuna mata bokitin ruwan da ke bakin ƙofa in ce in soda ta taɓa ki ki yi ta kwarara ruwa minti 15 zuwa 20 kafin komai, in ido ne kuma daga nan sai asibiti, sannan in zaunar da ita in ba ta labarin nan tun daga zuwan goggo.

Matar nan har yanzu muna haɗuwa a islamiyya, muna gaisawa lafiya lau, ta zo min barka da babbar 'yata ta yi aure. Sau biyu ina aika mata da sabulu kyauta tana karɓa ta yi godiya, amma wata ta faɗa min wanke-wanke take yi da shi, ba ta taɓa saka wa yaranta a jiki ba, ban kuma sake aikawa ba don kar ya zama ina takura mata. Yarinyar ta girma, ta kusa gama firamare, rannan ta wuce ta ƙofar wajen aikinmu da tallan awara ta leƙo tace Umma ina wuni, ƙanshin wajenku har titi. Na saya na ɗari biyu, ina miƙa mata kuɗin idona na kan wuyanta, akwai ɗan wuri ƙasan kunne da ya fi sauran duhu kaɗan, ban sani ba ko tabon ne ko dama haka fatarta take, kuma ban iya tambaya ba.